Minti Uku Bayan Karɓar Lambar Yabo: Yadda Ake Gode wa 'Yan Sa-kai Ba Tare da Jera Sunaye Ba

Duk wanda ya saba zuwa tarukan karramawa ya san yadda abin yake tafiya. A kira sunan mutum, ya taso, a miƙa masa lambar yabo, masu hoto su ɗauka, sannan mai gabatarwa ya ba shi makirufo ya ce ya ɗan yi jawabi cikin minti uku. Sau da yawa sai mutumin ya zaro takarda daga aljihu ya shiga karanto sunaye. Kafin ya kai na goma hira ta ɓarke a kujerun baya. Kafin ya kai na ashirin wani ya matso yana raɗa masa cewa ya tsallake wane. Daga ƙarshe ya rufe da jimlar da kowa ya haddace, wato godiya ga sauran waɗanda lokaci bai ba shi damar ambata ba, ya koma ya zauna.

Niyyar wannan mutum kyakkyawa ce. Ya san ba shi kaɗai ya yi aikin ba, kuma yana jin nauyin a ce shi ne a gaba alhali waɗanda suka sha rana suna can baya, ko ma ba a gayyace su ba. Inda aka samu matsala shi ne hanyar da ya bi. Jera sunaye ba ya isar da godiya kamar yadda ake zato. Abin da ke isar da ita shi ne bayyana aikin da mutane suka yi filla-filla, ta yadda kowane ɗan sa-kai zai ji an taɓo nasa ya ce a ransa, wannan da ni ake.

Mu fara da lissafin lokaci, domin shi ne ba ya ƙarya. Mai magana a natse, yana numfasawa yana duban jama'a, da wuya ya wuce kalma 400 cikin minti uku. A wajenmu kuma ba a kiran suna tsurarsa. Sai an sa Alhaji ko Hajiya ko Malam, a kawo sunan mahaifi, wani lokaci a ƙara da sarauta ko muƙami. Suna ɗaya yakan ci daƙiƙa huɗu zuwa biyar. Idan ƙungiya tana da 'yan sa-kai 40, sunayensu kaɗai sun cinye minti ukun, ba a ce uffan game da aikin da aka yi ba. Jama'a za su watse ba su san dalilin ba da lambar ba, su kuma waɗanda aka kira, kowa ya samu daƙiƙa huɗu cikin hayaniyar da babu mai saurare.

Ƙarancin lokaci shi ne ƙaramar matsalar. Babbar ita ce jeri yana da farko yana da ƙarshe, kuma mutanenmu suna lura da wa aka fara kira. Dattijon da ya ji sunansa ya zo bayan na ɗan cikinsa ba zai ce komai a wurin ba, amma ya ji. Wanda ya ba da kuɗi sau ɗaya yakan zo a sama saboda girmansa, wanda kuma bai taɓa fashin fitowa aiki ba ya zo na talatin da bakwai. Sai kuma wanda aka manta, kuma kusan kullum akwai shi. Da ba a kira kowa ba, da babu abin da zai dame shi. Amma an kira mutum 39 shi ne na 40, kuma a gaban jama'a. Irin wannan ciwo ba ya fitowa a ranar taro. Yakan fito ranar aikin gayya na gaba, lokacin da za a nemi mutum a ce ya yi tafiya, ko yana da uzuri. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai ba su da albashin da za su riƙe mutum da shi, yardar zuciya kawai suke da ita, shi ya sa wannan kuskure yake yi musu tsada.

Akwai kuma waɗanda kiran sunansu a bainar jama'a ba karamci ba ne a gare su. Matar aure da take dafa wa masu aiki abinci daga cikin gida mai yiwuwa ne ita da maigidanta ba sa son a yi shelar sunanta ta lasifika. Ɗan kasuwar da ya biya kuɗin mota ya roƙi a rufa masa asiri ya yi ne don neman lada, kuma da zarar an ambace shi gobe ƙofar gidansa za ta cika da masu neman taimako. A wasu wuraren ma maganar ta rai ce. Ku dubi Zannah Mustapha, lauyan Maiduguri da ya buɗe makarantar marayu a 2007 da yara 36, inda ake karɓar 'ya'yan waɗanda rikicin Boko Haram ya kashe ta kowane ɓangare, 'ya'yan jami'an tsaro da 'ya'yan mayaƙa a aji ɗaya. Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi kyautar Nansen a 2017. Aiki irin wannan yana da malamai da masu dafa abinci da masu rakiyar yara, kuma duk wanda ya tsaya karɓar yabo a kan irinsa dole ya tambayi kansa ko bayyana sunan wani zai jawo masa idon da bai nema ba. Haka yake ga 'yan sintirin unguwa, da masu kai kayan agaji ƙauyukan da 'yan bindiga ke kai wa hari.

To idan ba a jera sunaye ba, me za a faɗa?

Misali mafi kyau da na sani ya fito daga Kenya. Wangari Maathai ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa ta Green Belt a 1977, kuma a 2004 ta zama mace ta farko daga Afirka da ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya. Waɗanda suka yi aikin da hannunsu matan karkara ne, dubbai, masu renon iri a gefen gida suna yi masa ban ruwa har ya isa dashe. Babu takardar da za ta ɗauki sunayensu. A jawabinta na birnin Oslo ranar 10 ga Disamba, ta karɓi kyautar a madadin mutanen Kenya da na Afirka, sannan ta bayyana yadda aikin ya samo asali daga koke-koken da matan karkara suka kawo da bakinsu: babu itacen girki, babu tsabtataccen ruwan sha, babu abinci mai gina jiki, babu abin samun kuɗi. Ta ce tare suka dasa itatuwa fiye da miliyan 30. Sunayen da ta kira 'yan kaɗan ne, galibi na 'yan Afirka da suka riga ta samun kyautar.

Abin lura a nan shi ne matsayin da ta ba matan. Ba ta kawo su a ƙarshe a matsayin waɗanda suka taimaka mata ba. Ta sa su a farkon labarin, a matsayin waɗanda suka gano matsalar kuma suka magance ta. Macen da ta taɓa tafiya mai nisa neman itace, ta dawo ta dasa nata, idan ta ji wannan jawabi za ta gane kanta a ciki fiye da a ce an karanto sunanta cikin dubu. Wannan ita ce dabarar gaba ɗayanta, kuma tana aiki a ɗakin taron ƙaramar hukuma kamar yadda ta yi a Oslo.

Irin wannan yanayi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A 2018 an ba Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostareliya, kyautar Right Livelihood saboda aikin da ya fara a yankin Maraɗi a 1983, na barin kututturan itatuwa su sake toho a gonaki, a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a sassabe sauran. Ana ƙiyasta itatuwan da suka dawo ta wannan hanya a kudancin Nijar sun kai miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Suna ɗaya ne a jikin kyautar, amma kowane gawo da kalgo da sabara da suka tsaya a gonakin Maraɗi da Damagaram, wani manomi ne ya ƙi sare shi, ya tsare shi daga awaki da masu neman itace. Lambobin yabo haka suke, mutum ɗaya suke nema su rataya wa. Gyaran wannan gurguwar fahimta yana wuyan wanda aka rataya wa, kuma minti uku kawai yake da su.

Bari mu ɗauki misali na gida mu bi shi daki-daki. A ce wata ƙungiyar unguwa ce a Kano, wadda ke yashe magudanan ruwa kowace shekara kafin damina. A ce mutum 40 ne suke fitowa, shekara biyar ke nan suna yi, kuma ƙaramar hukuma ta zaɓi shugabansu don ba shi lambar yabo. Ya zauna da daddare zai rubuta jawabi.

Abu na farko da hannunsa zai rubuta shi ne gaisuwar manyan baƙi, kuma nan ne jerin sunaye na farko yake ɓuya. Gaisuwa wajibi ce, ba mai cewa a tsallake ta. Amma mai gabatarwa ya riga ya kira kowa da sunansa da muƙaminsa, waɗanda suka yi jawabi kafin shi ma sun maimaita. Ya isa ya gai da uban taro da basaraken da ke wurin, ya haɗa sauran a jimla ɗaya. Daƙiƙa ashirin sun wadatar.

Abu na biyu da zai zo masa shi ne ya ce bai cancanta ba, shi bai yi komai ba. A nan nake so mu daɗe, domin mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin tawali'u. An yi mana tarbiyya a kan kunya da gudun riya, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai idan mutum ya ce bai yi komai ba, ya faɗi abu uku da bai yi nufi ba. Ya ce kwamitin da ya zaɓe shi bai san aikinsa ba. Ya rage darajar aikin da mutum 40 suka yi, tunda lambar a kan aikin aka bayar. Kuma ya faɗi abin da ba gaskiya ba, alhali 'yan ƙungiyarsa suna zaune sun san shi ne yake bi gida-gida yana karɓar karo-karo. Jama'a suna gane ƙanƙan da kai na baki, musamman idan an maimaita shi sau uku. Wanda ya daɗe yana bayanin rashin cancantarsa, har yanzu a kan kansa yake magana.

Tawali'un da ya dace da wannan wuri shi ne faɗin gaskiya daidai gwargwadonta. Mutum ya faɗi rabonsa na aikin a jimla ɗaya, ba ƙari ba ragi, sannan ya wuce. Idan shi ne mai riƙe littafi da kiran taro, ya ce haka. Wannan ƙaramar gaskiya ita ce za ta sa a yarda da shi idan ya juya yana yabon wasu, domin an ga ba ado yake yi wa magana ba.

Daga nan sai ainihin aikin. Maimakon ya ɗauko rajistar ƙungiya, ya ɗauki farar takarda ya rubuta yadda ranar aiki take tafiya daga asuba zuwa azahar, yana tambayar kansa hannun wa ke kan kowane mataki. Akwai masu shiga cikin kwata da shebur da manjagara. Akwai masu tura baro. Akwai masu leƙa ƙarƙashin kwalbati, inda ledojin ruwa da yashi suke cushewa, aikin da ba kowa ke iya jure warinsa ba. Akwai matan da ke aiko da kunu da ƙosai. Akwai mai walda da ke gyara baro ba ya karɓar ko sisi. Akwai wanda ke biyan kuɗin tifa, kuma duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san muhimmancinsa: idan aka tara dagwalon a bakin kwata ba a kwashe ba, ruwan farko zai mayar da shi inda aka fito da shi, wahalar ta tashi a banza. Akwai mai unguwa da ke sasanta rigima idan wani ya gina dakali a kan magudana. Idan ya gama zai ga mutum 40 sun kasu gida shida ko bakwai, kuma babu wanda ya faɗo waje. Idan akwai wanda bai shiga ko'ina ba, to akwai wani aiki da shugaban bai lura da shi ba, sai ya tambaya.

Sai ya zaɓi lamari ɗaya da ya faru, guda ɗaya tak, wanda zai tsaya a madadin shekara biyar ɗin. Ba sai ya zama abin mamaki ba. Sharaɗinsa shi ne ya faru da gaske, shugaban ba shi ne gwarzon ciki ba, kuma ba ya tona asirin kowa. Ga yadda jawabin zai iya fitowa:

"Assalamu alaikum. Mai girma shugaban ƙaramar hukuma, ranka ya daɗe Hakimi, iyayenmu da malamanmu, 'yan uwa maza da mata, ina gaishe ku. Na gode wa Allah, na gode wa kwamitin da ya ga aikinmu ya ce ya isa a yaba.

"Ni a wannan ƙungiya aikina riƙe littafi ne da kiran taro. Na yi iya ƙoƙarina, amma littafi ba ya yashe kwata. Bari in gaya muku waɗanda suke yashewa.

"Kafin damina, ranar Asabar bayan sallar asuba, akwai samarin da ke naɗe wando su shiga cikin dagwalo har gwiwa. Waɗansunsu ɗalibai ne, waɗansu sun ajiye adaidaita sahu sun bar cinikin safe. Akwai masu tura baro har tafin hannunsu ya yi kanta. Akwai iyayenmu mata da ba sa fitowa, amma kafin hantsi kununsu ya iso, kuma ba mu taɓa ba su kuɗin gero ba. Akwai mai gyara mana kayan aiki kyauta. Akwai bawan Allah da ke biyan kuɗin tifa, ya ce kada a faɗi sunansa, ba kuwa zan faɗa ba.

"Bara, cikin watan Agusta, ruwa ya sauko da tsakar dare, kwalbatin bakin makaranta ya toshe. Ni ina barci. Da na fito da safe na tarar an riga an buɗe shi. Mutum shida ne suka fito da tocila, ba wanda ya kira su. Gidajen wannan layi ba su kwana cikin ruwa ba.

"'Yan ƙungiyarmu da ke cikin ɗakin nan, don Allah ku miƙe a gan ku. Ranka ya daɗe, ga masu lambar nan. Ni aiko ni suka yi in karɓo.

"Aiki bai ƙare ba. Akwai layi biyu da har yanzu ba su da magudana, kuma baronmu uku ne kacal. Asabar ta ƙarshen wata za mu fito, duk mai shebur ya zo da shi. Allah ya saka wa kowa da alheri. Na gode."

Wannan bai kai kalma 300 ba. Ko da an tsaya an yi tafi, ba zai cika minti uku ba. Babu sunan ɗan sa-kai ko ɗaya a ciki, amma mai walda ya san da shi ake, matan kunu za a kai musu labari, mutum shidan nan kuma unguwa ta riga ta san su.

Ku lura da jimlar da ya ce yana barci. Ita ce ta ɗauki nauyin tawali'un jawabin duka, kuma ba ta ce bai cancanta ba. Ta faɗi abin da ya faru ne kawai, a ranar da aka fi bukatar aiki wasu ne suka yi. Ku lura kuma da cewa kowace jimla ta yabo tana ɗauke da abin da ido zai gani: wando a naɗe, kanta a hannu, tocila. Da ya ce yana godiya ga jajirtattun matasa masu kishin al'umma, da babu wanda zai ji an taɓa shi, domin wannan yabo ya dace da kowace ƙungiya a kowane gari. Hanyar gwada jimla ke nan: idan za a iya ɗauke ta a sa a jawabin wata ƙungiya ba a canza komai ba, to ba ta yi aiki ba, a sake ta.

Akwai tarko a cikin yawan cewa mun yi, mun yi. Ana ganin kamar shi ne maganin son kai, amma yakan zama mayafi. Shugaban da bai taɓa riƙe shebur ba idan ya ce mun shiga kwata, ya raba ladan da ba nasa ba, kuma samarin da suka shiga suna jinsa. Inda wasu suka yi, a ce su suka yi. Inda aka yi tare, a ce mu. Inda aka yi kuskure, misali shekarar da aka makara ba a fara yashewa ba sai da ruwa ya sauka, nan ne wurin da shugaba zai ce ni. Jawabi mai kyau yana iya ɗaukar irin wannan jimla guda, kuma tana ƙara masa nauyi.

Batun miƙewa tsaye yana bukatar shiri tun kafin ranar. Masu shirya taro sukan ba wanda za a karrama katin gayyata biyu ko uku, shi kuma yakan ba iyalinsa. Idan yana so jama'a su ga 'yan sa-kai, sai ya nemi ƙarin kujeru tun da wuri, ya bar ƙungiya ta zaɓi waɗanda za su je, kada shi ya zaɓa. Ya kuma sanar da su cewa zai ce su miƙe, domin akwai wanda kunya za ta hana shi, akwai kuma matan da za su fi son a bar su a zaune. Idan babu ko ɗaya a ɗakin, kada ya yi kamar suna nan. Ya faɗi inda suke: yawancinsu suna kasuwa da wurin aiki a wannan lokaci, kuma zai kai musu saƙo.

Shin babu inda suna ya halatta? Akwai. Idan wani daga cikin masu aikin ya rasu, kiran sunansa da yi masa addu'a ba ya tayar da kishin kowa, kuma iyalinsa za su riƙe wannan har abada. Haka idan akwai wanda ya kafa ƙungiyar tun kafin shugaban na yanzu, kowa kuma ya yarda da hakan. Suna ɗaya, ko biyu idan ya zama dole, kowanne da dalilin da za a faɗa a jimla guda. Da zarar an kai na uku an buɗe ƙofa, na huɗu zai tambayi dalilin da ya sa aka tsaya kafin a zo kansa. Masu ba da kuɗi daga waje, kamfani ko wata hukuma, sukan sa ran a ambace su, wani lokaci ma yana cikin yarjejeniya. A ambace su sau ɗaya, a faɗi abin da suka bayar, amma kada su riga masu aikin hannu.

Wani zai ce ai mutane suna son jin sunansu, kuma gaskiya ne. Ba a ce a binne sunaye ba, wurinsu ne ba makirufo ba. Ana iya roƙon masu shirya taro su buga cikakken jerin a takardar shirin taro, bisa tsarin baƙaƙe don kada a ce an fifita wani, bayan an tambayi kowa ko ya yarda. Ana iya buga takardar shaida ga kowane ɗan sa-kai, da sa hannun hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma. Wannan takarda tana da amfani na zahiri ga matashin da zai nemi aiki ko gurbin karatu, fiye da daƙiƙa huɗu a lasifika. Sannan akwai abin da ya fi duka a al'adarmu, wato taka ƙafa. Shugaba ya ɗauki lambar ya bi gidajen da kunu ke fitowa, ya yi sallama, ya ce Inna ga abin da aka ba ku. A nan ne ake kiran suna a ji daɗinsa.

Kafin ranar taro, ya karanta jawabin da ƙarfi yana duban agogo, domin karatun zuci yana ruɗi, kullum yakan fi sauri. Sannan ya karanta wa mutum biyu daga cikin 'yan ƙungiyar, ɗaya babba ɗaya matashi, ya yi musu tambaya ɗaya: akwai wanda zai ji wannan ya ga babu shi a ciki? Su ne za su tuna masa da yaron da ke ɗebo ruwan wanke hannu, ko tsohon da ke ajiye kayan aiki a zaurensa. Idan ya hau dandamali kuma, ya riƙe 'yar takarda mai kalmomin tuni kawai, ya dubi inda mutanensa suke zaune lokacin da yake maganarsu, ba teburin manyan baƙi ba. Idan wani ya raɗa masa suna daga baya, ya gyaɗa kai ya ci gaba da abin da ya shirya.

Saura batun kuɗi, wanda shi ne ya fi rusa ƙungiyoyi bayan an gama tafi. Wasu lambobin suna zuwa da ambulan. Mutumin da ya tsaya gaban jama'a ya ce lambar ta 'yan sa-kai ce, ya riga ya faɗi na wa ne abin da ke cikin ambulan ɗin, ko ya sani ko bai sani ba. Don haka tun kafin taro ya tambayi masu shiryawa ko akwai kuɗi, nawa ne, kuma da sunan wa za a bayar. Ya zauna da shugabannin ƙungiya a yanke shawara. Idan an amince a sayi baro da takalman roba da safar hannu, yana iya faɗa a jawabin. Idan ba a zauna ba, kada zumuɗin tafi ya sa ya yi alkawari a makirufo. Ya miƙa ambulan ɗin ga ma'aji a gaban shaidu a ranar, a rubuta a littafi, a karanta adadin a taron ƙungiya na gaba. Ita kuma lambar, idan ƙungiya tana da ofis a rataye ta a can, idan babu a nemi izinin mai unguwa a ajiye ta a zaurensa, inda duk wanda ya tura baro zai iya shiga ya nuna wa ɗansa.